Yadda Ake Neman Ƙarin Lokaci Bayan an Yi Maka Tayin Aiki

Takardar tayin aiki ba ta zuwa ita kaɗai, da wa'adinta take zuwa. A ƙasan shafi za ka ga layin da ke cewa ka sa hannu ka mayar kafin rana kaza, wani lokaci kwana biyu, wani lokaci mako guda. Wanda ya daɗe yana neman aiki idan ya ga wannan layi sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka cewa ko numfashi ya yi ba daidai ba za a janye tayin. A kamfanoni masu zaman kansu ba haka abin yake ba. Neman ƙarin 'yan kwanaki abu ne da jami'an ɗaukar ma'aikata suka saba ji, kuma galibi suna bayarwa. Abin da ke ɓata musu rai shi ne yadda ake nema: a makare, babu tsayayyar rana, da dalilin da ba ya kama hankali.

Kafin ka ɗaga waya, ka fahimci halin da mutumin da za ka kira yake ciki. Ba shi ne mai kujerar da za ka hau ba. A bayansa akwai manajan sashen da ke jiran ma'aikaci, wanda kullum yake tambayarsa ina aka kwana. A gefe kuma akwai wanda ya zo na biyu a intabiyu, an ajiye shi ba a ce masa e ba, ba a ce masa a'a ba, ana jira a ga abin da za ka yi. Duk kwanan da ka ƙara, wannan na biyun yana iya samun wani wuri ya tafi. Idan daga baya ka ƙi aikin, jami'in ya tashi ba tsuntsu ba tarko, sai ya koma ya sake talla da tantancewa daga tushe. Wannan tsoro ne ya haifi wa'adin, kuma shi ne abin da roƙonka zai kwantar.

Haka nan ka san da wane irin jami'i kake magana. Akwai ma'aikacin kamfanin kansa, wanda ke ofishin kula da ma'aikata, albashinsa yana tafiya ko ka karɓa ko ka ƙi. Akwai kuma na kamfanin da sana'arsa ita ce samo wa wasu ma'aikata. Wannan kamar dillali yake a cinikin gida: sai ciniki ya faɗa yake samun la'adarsa, kuma kamfanin da ya ɗauke ka ne ke biyansa. Don haka zai fi matsa maka, amma kuma zai fi tsaya maka wajen kamfani, tunda faɗuwar maganar asararsa ce. Sai dai ka riƙe a ranka cewa duk abin da ka gaya masa zai iya isa kunnen kamfanin.

Kiran farko

Yawancin tayi da waya yake farawa, kuma a nan mutanenmu suka fi ɗaure kansu ba su sani ba. An kira ka an ce an zaɓe ka, murna da kara suka haɗu, sai ka ce, “To, madalla, babu damuwa, in sha Allahu.” Kai godiya ka yi, shi kuwa amincewa ya ji, kafin la'asar ya gaya wa manaja magana ta ƙare. Idan ka dawo washegari kana neman lokaci, a idonsa ka zama mai magana biyu.

Abin da ya dace a wannan kira gajere ne. Ka yi godiya sosai, ka nuna farin cikinka a fili, sannan ka ce, “Don Allah a turo mini takardar in karanta sharuɗɗan, kuma zuwa yaushe kuke buƙatar amsata?” Wannan ba rashin ladabi ba ne. Tayin baki ba shi da abin da za a auna a cikinsa, kuma babu mai hankalin da zai zarge ka don ka ce sai ka gani a rubuce. Sau da yawa ma tsakanin kira da isowar takarda akan sami kwana ɗaya ko biyu, ka ga ka sami lokaci ba tare da ka roƙa ba.

Kwana nawa kake buƙata

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata akanta ce da ke aiki a Kano, shekararta uku a wurin. Wani kamfani a Abuja ya turo mata takarda ta imel ranar Talata da la'asar, albashi naira miliyan 6 a shekara, ana son amsa kafin ƙarfe 5 na yammacin Alhamis, fara aiki kuma bayan mako shida. Makon da ya wuce ta yi intabiyun ƙarshe da wani kamfani a Kaduna, an ce za a neme ta cikin mako biyu.

Daren Talata ba na kiran kowa ba ne, na zama da takarda da biro ne. Tambayar da za ta yi wa kanta ita ce: mene ne ban sani ba yanzu, wanda idan na sani zan iya yanke shawara, kuma yaushe zan san shi?

Na farko kuɗi. Miliyan 6 a shekara naira 500,000 ke nan a wata, amma ba shi ne zai shiga asusunta ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kuma kashi 10, ana lissafawa a kan tushen albashi da alawus na gida da na sufuri. Idan waɗannan ukun sun kai miliyan 4.8 a takardarta, za a cire naira 384,000 a shekara, wato 32,000 duk wata, kafin a zo kan haraji. Akwai kuma tambayar da mutane da yawa ba sa yi: shin miliyan 6 ɗin ya haɗa da kashi 10 na kamfani, ko a waje yake? Wannan tambaya ce da jami'in zai amsa a rana ɗaya. Na biyu muhalli. A Abuja an saba biyan hayar shekara guda a dunƙule, ga kuɗin wakili da na rubuta yarjejeniya a kai, kuma zama a Kubwa ko Lugbe ko Mararaba yana nufin kuɗin mota da cunkoso kullum. Tana buƙatar kwana biyu ta tambayi mazauna can. Na uku gida. Ba za ta bar Kano ba tare da ta zauna da iyayenta ba, kuma wannan zama ba na waya ba ne, sai Asabar. Tana kuma son ta yi istihara hankalinta a kwance. Na huɗu shi ne Kaduna.

Da ta jera su sai ta ga ranar Talata mai zuwa da tsakar rana ta ishe ta. Daga Alhamis zuwa Talata, kwanakin aiki uku kacal ta ƙara: Juma'a, Litinin, Talata. Wannan shi ne irin roƙon da jami'i ke iya amincewa da shi ba tare da ya sha wahala a gaban manaja ba. A ganina daga kwana biyu zuwa mako guda shi ne filin da ake samun sauƙi. Da zarar an doshi mako biyu, sai dai babban muƙami ko aikin da ke buƙatar kwashe iyali zuwa wani gari ko wata ƙasa, in ba haka ba kowa zai gane wani wuri kake jira.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ta duba a daren nan, kuma shi ne makaminta mafi ƙarfi: wa'adin sanarwar barin aikin da take kai. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta sa mafi ƙarancin sanarwa gwargwadon daɗewa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda daga shekara biyar. Amma ma'aikatan ofis masu ƙwarewa irin akanta, kwantiraginsu ne ke hukunci, kuma nata ya ce wata guda. Idan ta ba da amsa Talata ta miƙa sanarwa Laraba, wata gudan zai cika kafin ranar fara aiki a Abuja. Ke nan jinkirin amsarta ba zai taɓa ranar da za ta zauna a kujera ba. Manaja kuwa wannan ranar ce damuwarsa, ba ranar sa hannu ba.

Roƙon kansa

Laraba da safe za ta kira, wajen ƙarfe goma, bayan mutum ya zauna ya ga abin da ke teburinsa. Ba Alhamis ƙarfe huɗu da rabi ba. Roƙon da aka yi tun da sauran kwana yana nuna mai tsari, wanda aka yi saura rabin awa yana nuna wanda ya ɓuya har aka ƙure shi. Kira ya fi saƙo, domin murya tana ɗauke da abin da rubutu ba ya ɗauka, kuma za ta ji yadda ya karɓi maganar nan take. Bayan gaisuwa, ga kamar yadda zancen zai tafi:

“Yallaɓai, na sami takardar jiya, na karanta ta tsaf. Wallahi na ji daɗi ƙwarai, kuma ina son aikin nan. Abin da ya sa na kira, aikin zai tashe ni daga Kano zuwa Abuja, ina so in zauna da iyayena ranar Asabar, in kuma gama lissafin muhalli. Ko zai yiwu a ɗaga mini daga Alhamis zuwa Talata mai zuwa ƙarfe goma sha biyu? A ranar za ku ji amsata tsayayya. Na duba kwantiragina, ranar fara aiki ba za ta motsa ba.”

Daga nan sai ta yi shiru ta bar shi ya yi magana. Mutane da yawa a wannan gaɓa suke lalata aikinsu, shirun ya dame su, sai su fara ƙaro dalilai, ko su ce “amma in ba zai yiwu ba babu komai” tun ba a ce musu komai ba.

Ka lura da yadda aka gina maganar. Son aikin ya zo a gaba, domin abin da jami'i ke fara ji idan an ce ƙarin lokaci shi ne za ta gudu. Dalilin ɗaya ne, gaskiya ne, kuma irin wanda zai iya maimaitawa a gaban manaja ba tare da ya ji kunya ba. Ranar tana da suna da sa'a. “Ɗan lokaci kaɗan” ko “zuwa mako mai zuwa” ba abin da za a rubuta a takarda ba ne, kuma suna tilasta masa ya riƙa bin ta da kira. Sannan tambaya ce ta yi, ba sanarwa ba, ikon yana hannunsa.

Idan ya amince, cikin awa guda ta bi da imel, a harshen da aka rubuta takardar tayin, a matsayin amsa ga saƙon da ya kawo ta. Layi uku sun isa: godiya, tabbatar da cewa an ɗaga wa'adin zuwa Talata ƙarfe 12 na rana tare da kwanan wata, da tambayarta kan fansho. Wannan imel ba ado ba ne. Takardar da ke hannunta har yanzu Alhamis take cewa, kuma idan jami'in ya tafi hutu ko ya manta, wanda ya ɗauki fayil ɗin zai ga wa'adi ya wuce. Ta roƙe shi ya amsa ko da da kalma ɗaya ce.

Maganar ɗaya kamfanin

To ina batun Kaduna, a faɗa ko a ɓoye? A nan ra'ayoyi sun bambanta, ni kuma ga nawa. Ba dole ba ne ta fara kawo shi, tunda dalilin da ta bayar gaskiya ne kuma ya isa. Amma idan aka tambaye ta kai tsaye ko akwai wani wuri da take jira, kada ta yi ƙarya. Jami'ai sukan yi wannan tambaya, kuma galibi sun riga sun yi zato. Ta ce, “E, akwai wani wuri da na yi intabiyun ƙarshe kafin tayinku ya zo. Ina so in rufe wannan maganar da mutunci kafin in sa muku hannu, don idan na zo in zo da zuciya ɗaya. Ko sun amsa ko ba su amsa ba, Talata za ku ji daga gare ni.” Jimlar ƙarshen nan ita ce ke riƙe da amana, domin ta nuna ba a jingine amsarsu a kan ta wani ba. Ba sai ta ambaci sunan kamfanin ba, balle abin da take tsammanin za su biya.

Abin da ba zan taɓa ba da shawararsa ba shi ne ƙirƙirar rashin lafiya ko rasuwa ko tayin da babu shi. Masu wannan aiki sun san juna, suna canza kamfani, kuma wanda ka yaudara bana yana iya zama mai tantance takardunka bayan shekara uku. Haka kuma kada a tsallake jami'in a je wurin manaja ko wani babba da ya yi maka hanya a ce ya sa baki. Yana iya yin aiki, amma ka nuna wa jami'in cewa ba a bakin komai yake ba, alhali shi zai riƙe fayil ɗinka muddin kana kamfanin. Wanda ya yi maka hanya a sanar da shi halin da ake ciki don kada ya ji a bakin wani, wannan haƙƙinsa ne, amma roƙon ta hannun jami'in zai bi.

Kada kuma a cakuɗa neman lokaci da cinikin albashi ta hanyar da za ta zama jan rai. Idan akantar nan ta san kuɗin bai yi mata ba, ta faɗa a kiran Laraba ko zuwa Juma'a, domin a yi amfani da kwanakin wajen tattaunawa. Mafi muni shi ne ta karɓi kwana ukun ta yi shiru, sannan ranar Talata, maimakon e ko a'a, ta ce sai an ƙara mata. Ta yi alkawarin amsa, ta kawo sabon ciniki.

Yadda za ka gane inda ka tsaya

Idan jami'in ya ce babu damuwa nan take, ko ya ce bari ya tuntuɓi manaja ya dawo a ranar da amsa, lafiya lau ne. Idan ya ce Talata ta yi nisa amma zai iya kaiwa Litinin da safe, a karɓa da godiya ba tare da ja-in-ja ba. Asabar ɗin da ake buƙata tana ciki, kuma wanda ya rage maka ya nuna yana son ka. Idan ya fara tambayar me ke sa ka shakka, ba faɗa yake nema ba, so yake ya ji ko akwai abin da zai gyara, sai a gaya masa gaskiya. Alamar da ke nuna zumunci ya fara sanyi ita ce amsoshi su gajarce, kira ya koma saƙo, ko a ce maka “akwai wasu da ke jira.” A nan sai a rage kwanakin da kai, kada a ƙara.

Wani lokaci kuma amsar a'a ce, kuma ba ƙiyayya ba ce. Bankuna da manyan kamfanonin da ke ɗaukar sababbin masu digiri rukuni-rukuni suna da ranar da horo ke farawa ga kowa, jami'in ba shi da ikon motsa ta. Aikin gwamnati ma haka, idan an sa ranar kai takardu an sa ke nan. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki da kuɗin tallafi mai ƙayyadadden wa'adi su ma sukan kasance a matse. Idan aka ce ba zai yiwu ba, ka ce ka fahimta, ka gode, za ka amsa cikin wa'adin farko, sannan ka yanke shawara da abin da ke hannunka. Sai dai a bambanta wannan da mai cewa ka amsa cikin awa biyu, ya ƙi turo takarda, ko ya nemi ka biya kuɗin fom ko na horo ko na riƙe maka gurbi. Wannan ba lokaci za ka roƙe shi ba, binciken ko kamfanin ma yana nan za ka yi.

Kwanakin da aka ba ka

A ranar Larabar nan, da ta ajiye wayar Abuja, akantar za ta kira Kaduna. Wannan kiran ma yana da ladabinsa: ta sanar da su cewa ta sami tayi a rubuce daga wani wuri, dole ta amsa Talata da rana, tana sha'awar aikinsu, ko za su iya sanar da ita matsayinta zuwa Litinin? Kamfanin da ke son ta zai hanzarta. Wanda ya ce ta ci gaba da jira ba tare da wani tabbaci ba ya ba ta amsa ke nan, sai ta auna tayin Abuja shi kaɗai.

A tsakanin nan kada ta ɓace. Idan jami'in ya kira ta ɗauka, idan ya nemi kwafin takardar kammala hidimar ƙasa ko sunayen masu ba da shaida a kanta ta tura a ranar. Kada kuma ta miƙa takardar barin aiki a Kano, ko ta fara ba abokan ofis labari, sai ta sa hannu an tabbatar mata an karɓa.

Ƙarin lokaci sau ɗaya ake nemansa. Na biyu yana gaya wa jami'in cewa ranar da ka sa da bakinka ba ta da nauyi, kuma zai fara tunanin haka za ka riƙa yi da aikin ofis. Akwai kuma dabarar da wasu ke ganin wayo ce, su sa hannu don su riƙe gurbi, idan wani tayin ya zo su janye. Wannan ya fi neman lokaci ɓarna nesa ba kusa ba, domin a lokacin an sallami na biyun, an gaya wa sashe, wataƙila har an shirya tebur.

Ranar Talata kada ta jira ƙarfe goma sha biyu ta buga. Da hantsi ta kira, sannan ta bi da rubutu. Idan e ce, ta tura takardar da sa hannunta a lokacin. Idan a'a ce, ita ma da murya za ta faɗa, ba da saƙon WhatsApp ba: ta gode da lokacin da aka ƙara mata, ta ce bayan shawara ta ga ba za ta iya karɓa ba, ta ba da dalili a jimla ɗaya ba tare da kushe kamfanin ba. Idan kuma tun ranar Asabar shawara ta tsaya a kan a'a, to kada ta riƙe mutane har Talata. Ta kira Litinin da safe, domin wanda ya zo na biyu yana can yana jiran wayarsa ta yi ƙara, jami'in kuma yana buƙatar ya same shi kafin ya tafi wani wuri.